Gwaji a Kan Buhu Uku na Wake

Shekarar da yanar ido ta rufe mini idon dama, likita ya ce sai an yi aiki, kuma bayan aikin ba ni ba ƙura, ba ni ba warin magani har sati shida. Dariya ta kama ni a gabansa, don warin magani shi ne sana'ata. Shagon maganin gona gare ni a Gawon Nama: maganin feshi, maganin ciyawa, iri, taki, da ƙwayar ajiyar hatsi. Fiye da shekara ashirin ban taɓa barin kantar nan a hannun kowa ba. Ga shi aikin ya faɗo daidai kaka, lokacin da sabon wake ke shigowa gari kowa na neman abin da zai hana ƙwaro cinye masa.

Sai na bayyana abin da ke damuna, don wanda bai san sana'ar ba zai ɗauka tsoron sata nake yi. Ƙwayar ajiya ce ke damuna. 'Yar ƙwaya ce mai ruwan toka, tana zuwa cikin gwangwanin ƙarfe a rufe gam, wasu manoma na ce mata bom. Da ta sha iska mai danshi sai ta fara sakin guba a hankali, ba hayaƙi, ba ƙara, sai ɗan wari kamar na tafarnuwa. Cikin durom mai murfi, a rumbun da ke nesa da wurin kwana, aikinta yana kyau. Amma iskar tana ratsa buhu, tana bin tsagar bango, kuma ba ta bambance ƙwaro da jariri.

Ina sabon buɗe shago na sayar wa wani mutum ita, ban tambaye shi komai ba. Bayan kwana kaɗan aka yi ta maganar wani gida can bayan gari inda yara biyu suka kwanta ba su tashi ba, ga buhunan wake jingine a kusurwar ɗakin. Har yau ban san ko mutumin nan ne ba. Ban je na tambaya ba, tsoro ya hana ni. Tun daga lokacin ba mai fita da ƙwayar daga shagona sai ya gaya mini inda buhunsa zai kwana.

Da labarin aikin idon ya bazu a dangi, yayan matata ya zo da kansa. Dillalin shanu ne, mutum mai faɗa a ji, wanda bai saba a ce masa bari a duba ba. Ya zo da ɗansa, mai shekara talatin da ɗoriya, fes da shi, hula a karkace, agogo na walƙiya.

"Ga ɗanka nan na kawo ma," in ji shi. "Wanga ko rairai ka ba shi sai ya saida ma. Mi kaka nema kuma?"

Gaskiya bakin yaron ya burge ni. Cikin ɗan zaman da muka yi ya lissafa mini inda ya yi aiki: shagon waya, kamfanin lemo, wurin sayar da babura. Ya san sunayen magunguna da Turanci fiye da ni. Ya ce mai saye sarki ne, ya ce ba ya barin mutum ya fita hannu rabbana. Na sami kaina ina gyaɗa kai kamar wanda ake wa waƙa. Abu ɗaya ne ya tsaya mini a wuya: duk tsawon hirar bai yi mini tambaya ko ɗaya a kan shagon ba.

Na ce, "Yaya, akwai wani da shi ma ya nemi aikin. Zan gwada su duka biyu jibi, gwaji iri ɗaya."

Fuskarsa ta canza. "Gwaji? Ɗan gida za ka gwadawa?"

Na ce minti goma ne kawai. Ya miƙe, ya kaɗe babbar rigarsa, ya ce Allah ya kai mu, da irin muryar da ba addu'a ake nufi da ita ba.

Ɗayan mai neman aikin ɗan Dundaye ne, ya yi karatun aikin gona, yana noman albasa a fadama. Yana da i'ina. Ranar da ya zo wurina, kafin ya gama gabatar da kansa shayina ya huce. Da hira kaɗai zan bi, ko kallonsa ba zan sake yi ba.

Dabarar gwajin ba tawa ba ce. Maƙwabciyarmu ce a Mabera ta ba ni ita, wata malamar makaranta 'yar Filato da ta yi ritaya, wadda ta shekara talatin a Sakkwato har yaran unguwa duka sun bi ta ajinta. Ita ta ce mini a zamaninsu ba a ɗaukar malami don ya iya ba da labarin kansa, alli ake miƙa masa a ce ga aji nan. Ta ce, "Alhaji, kai ma ka miƙa musu allin. Ni zan zama mai saye, don in kai ne za su yi ta yi maka ladabi, ba za ka ga komai ba."

Muka zauna a ƙofar gida muka tsara abin. Za ta shigo a matsayin matar da ta sayi buhu uku na wake don ajiya, tana son ƙwaya. Ba za ta faɗi inda za ta ajiye ba sai an tambaye ta. In har an kusa gama ciniki ba a tambaya ba, za ta sako maganar da kanta, kamar a bakin hira: ɗaki ɗaya gare ta, nan take kwana da jikoki biyu, nan buhunan za su zauna. Za ta yi ƙorafin tsada sau ɗaya. Abin da ta faɗa wa na farko shi za ta faɗa wa na biyu. Ni kuwa zan zauna a gefe, ba zan ce uffan ba, zan lura da abu uku: me ya tambaya, me ya ji, me ya miƙa mata a ƙarshe. Na wanke wani tsohon gwangwanin da ya daɗe da ƙarewa na ajiye a kanta, don ba na wasa da mai cike.

Ranar gwajin na rufe ƙofa ɗaya da hantsi. Na gaya wa kowannensu gaskiya: wasa ne, matar ba mai saye ba ce ta gaske, amma ya yi kamar ba ni nan. Na nuna musu kayan da ke kan kanta da farashinsu, har da buhunan nan masu ninki uku da ake ɗaure wake a ciki iska ba ta shiga, ƙwaro ya mutu ba tare da magani ba. Yayan matata ya zo ba a gayyace shi ba, ya zauna a bencin waje yana jan carbi da ƙarfi.

Ɗan Dundaye ya fara, ɗayan na tsallaken titi inda ba zai ji ba. Malama ta shigo da tsohon mayafi da 'yar jaka, ta yi sallama. Ya amsa yana kallon ƙasa. Gaisuwarsa ba armashi, ko kujera bai nuna mata ba, na ce a raina wannan zai kore mini mutane. Ta faɗi buƙatarta. Ya haɗa kalmomin da ƙyar.

"I-Inna, waken ga, ya bushe sosai?"

Ta ce ya bushe.

"Ina z-za a aje shi?"

Ta gaya masa. Na ga hannunsa da ke kan gwangwanin ya ja shi baya a hankali, ya sa shi ƙarƙashin kanta. Ya ɗauko buhu mai ninki uku ya shimfiɗa, ya nuna mata yadda ake matse iska a ɗaure kowane ninki daban. Ta ce ya yi tsada, ƙwayar ta fi araha. A nan ya daburce, ya kasa gaya mata cewa buhun na yin shekara biyu ko uku in an kula da shi, abin da duk ɗan kasuwa zai fara faɗi. Sai maimaitawa yake, "B-ba ni ba ki ƙwayar, Inna. Da ɗiya cikin ɗaki ba ni ba ki." Ta juya ta fita. Bai sayar da komai ba, ya tsaya gumi na zubo masa, yana ganin ya faɗi gwajin.

Na ce masa ya manta da zancen daɗewar buhun, ya sake. Suka sake. Ya faɗa, a karkace dai, amma ya faɗa, Malama ta sayi biyu.

Sai aka kira ɗan gida.

Wallahi kallonsa daɗi. Kafin Malama ta ƙarasa sallama ya zagayo ya goge mata kujera da hankicinsa, ya tambayi gida, ya tambayi jikoki, ya ce fuskarta ta tuna masa da kakarsa. Da ta ce wake buhu uku, sai ya tafa hannu.

"Mama, kin zo inda ad daidai. Ƙwaron da yaj ji ƙamshin wagga ƙwaya, ko kakanai ba ya sake dawowa gidanki."

Ya ɗaga gwangwanin yana juya shi a haske. Ta ce ya yi tsada. Ya yi murmushi, ya ce ai ba sai ta sayi duka ba, zai buɗe ya ƙirga mata a leda iya kuɗinta, har ya ƙara mata ɗaya kyauta don ta dawo. Ba a buɗe gwangwanin nan a cikin shago, ba a kuma zuba ƙwayar a leda mutum ya sa a jaka ya hau mota da ita. Na danne bakina da hannu don na yi alkawarin shiru.

Minti bakwai suka wuce bai tambaye ta komai ba. Sai Malama ta sako maganar, tana ɗaure bakin jaka.

"To madalla, ɗana. Dama ɗakin nawa ɗaya ne, can zan jingine su bayan gado. Ni da jikoki biyu ne, ƙaramar ko yaye ta ba a yi ba."

Na zuba masa idona mai gani. Ya ji, na tabbata ya ji, don ya ɗan dakata kamar mai taka tsakuwa. Sannan murmushin ya dawo yadda yake.

"Allah shi raya su, Mama. In kawo maki na ɓera ma? Inda wake yake ɓera ba ya nisa."

Daga waje ina jin ƙarar carbin ubansa. Malama ta kalle ni.

Ban yanke hukunci nan take ba. Rashin sani ba laifi ba ne, ni ma da rashin sani na fara, kuma an ba ɗan Dundaye dama ta biyu. Na zaunar da ɗan gida na yi masa bayani dalla-dalla: yadda iskar ke fita, yadda take ratsa buhu, abin da take yi wa mai barci. Har labarin yaran nan biyu na ba shi, wanda ko matata ban taɓa ba cikakke ba. Ya saurara da kyau, ya girgiza kai, ya yi salati a inda ya dace. Na ce a sake.

Karo na biyu ya yi kamar a littafi. Ya tambayi bushewar wake, ya tambayi wurin ajiya, ya ɗauko buhu mai ninki uku, ya yi bayanin da ya fi nawa tsari. Har na fara jin kunyar zargin da na yi masa. Sai Malama ta yi abin da ta yi wa na farko, ta ce ya yi tsada, ta miƙe, ta gyara mayafi. Ta ƙara da cewa bari ta duba gaba, ai ba nan kaɗai ake sayarwa ba.

Ta kai bakin ƙofa. Ya ce, "Mama, dakata."

Ya bi ta, ya rage murya, ya juya mini baya. Ya manta cewa ido ne ya lalace mini, kunnena ƙalau yake.

"Ki kawo kuɗɗin in ba ki. Ki tura ta can ƙasan buhu, ki ruhe da tsohon zane, ki bar taga buɗe. Mutane nawa ka yin hakanan, mi yas same su?"

Malama ta tsaya tana kallonsa, irin kallon da na san ta yi wa ɗalibai da yawa, sai dai wannan karon ba faɗa a cikinsa. Ta ce a hankali, da muryarta ta gaske, "Alhaji, na gaji. A tsaya nan."

Abin da ya fi tsorata ni shi ne yadda ya juyo yana fara'a, yana jiran yabo. Ya ce, "Baba, ka gani? Ba ta hita ba." A wurinsa ya ci gwajin. Ba mugu ba ne, ban taɓa cewa mugu ne ba. Mutum ne da ba ya iya jure ganin bayan mai saye, kuma duk abin da zai juyo da shi zai faɗa.

Na fita wurin ubansa na gaya masa ɗan Dundaye zan ɗauka. Na so in yi bayani, ya ɗaga mini hannu.

"Wanda yas saida ka bari, ka ɗauki wanda ko sunanai bai iya hwaɗi? Don wasan yara da kunka shirya kai da wagga mata?"

Raina ya ɓaci, na ce wasan ne ya nuna mini abin da hira ta ɓoye, kuma gara a yi kuskuren a kan gwangwanin da ba komai a ciki. Na ce in yana so zan nema wa yaron wuri wajen masu sayar da tayal ko kujeru, inda bakinsa zai yi masa rana ba tare da an cuci kowa ba. Ya dube ni sama da ƙasa.

"Ba mu gode ba. Sana'ar ga ba gadonka ba ta."

A gida matata ta yi kwana uku tana ajiye mini abinci ba magana. A rana ta huɗu ta tambaye ni abin da ya faru, na gaya mata har da zancen zane da taga. Ba ta ce na yi daidai ba, amma ita ta raka ni asibiti.

Aka yi aiki lafiya. Na yi zaman gida da baƙin tabarau, ɗan Dundaye na kira na kullum da la'asar ya ba ni labarin yini, kiran da ke cinye masa kati saboda i'ina. Ciniki ya ɗan ja baya, ban damu ba. A sati na uku ya ce akwai abin da yake son gaya mini, sai kuma ya ce a bari sai na zo. Na matsa masa, ya ce ana fenti a shagon da ke kallon namu, wanda tela ya tashi daga ciki. Ban kawo komai a raina ba.

Ranar da likita ya sallame ni na ce a kai ni Gawon Nama kafin gida. Na sauka daga mota na cire tabarau. Na yi shekaru ban ga duniya da kaifi haka ba, har ganyen dogon yaro ina iya ƙirgawa. Abu na farko da sabon idon ya karanta mini shi ne allon tsallaken titi, kore shar, da hoton buhu da ƙwaro a kwance ƙafafu sama. A ƙarƙashinsa ga ɗan gida tsaye da hularsa a karkace. Ubansa ya sayar da shanu ya buɗe masa. Ya hango ni, ya ɗaga hannu biyu, ya rusuna daga can cikin ladabi. Benci biyu ne a ƙofarsa, duka cike.

Na shiga nawa shagon na zauna a kujerar da na zauna ranar gwaji. Ban fi rabin awa ba wata mata ta yi sallama, yarinya ce ma, da goyo a baya da wani ɗan yaro riƙe da gefen hijabinta. Ta ce ƙwayar wake take so, buhu biyu mijinta ya aiko daga ƙauye. Ɗan Dundaye ya tambaye ta inda za ta ajiye.

"Ɗaka mana. Haya muke, ɗaki guda na."

Ya ja gwangwanin ƙarƙashin kanta, ya shimfiɗa mata buhu mai ninki uku, ya yi bayani, har da shekarun da yake yi. Ta ce kuɗinta ba su kai ba. Na sa baki na ce ta ɗauka a yadda take da shi. Na gaya mata ƙwayar na kashe yara a cikin barci. Ta kalle ni da ɗan murmushi, irin na wadda ta san dabarun 'yan kasuwa, ta ce maƙwabciyarta ta yi bara ba abin da ya faru, kuma mijinta ƙwaya ya ce. Ta ja hannun yaron ta fita.

Na bi ta da kallo ta tsallaka titi. Na ga ɗan gida ya zagayo ya goge mata benci da hankici. Na ga ya shafa kan yaron.

Na miƙe. Likita ya hana ni sauri, ya hana ni ƙura, ga motocin albasa sun jero sun tare hanya, ɗaya bayan ɗaya, ba su da niyyar ƙarewa. Ina ta ɗaga hannu ina kira, "Ke! Baiwar Allah!" don ko sunanta ban sani ba. Kafin motar ƙarshe ta wuce matar ta riga ta tsayar da kabu-kabu, an ɗora yaron a gaba. Da tsohon idona da ban ga komai ba sai inuwa. Da sabon na ga 'yar baƙar leda ƙulle a bakin zanenta, tana lilo daidai ƙafar jaririn, har suka sha kwana.

Na ƙarasa tsallakawa ina haki na tambayi ɗan gida wace unguwa ta ce. Ya buɗe hannuwa yana murmushi.

"Wallahi Baba, ban tambaye ta ba."